Dandalin intanet, shafin kai ko shago: Lissafin da ke gaban mai sana'ar hannu a kudancin Kaduna

Duk wanda ke ɗinka jaka, ko haɗa takalmin fata, ko rina yadi, ko saƙa duwatsun ado a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna yana da hanyoyi uku na isa ga mai saye. Yana iya ɗora kayansa a babban dandalin kasuwanci na intanet irin su Jumia da Jiji, yana iya buɗe shafinsa na kansa a Instagram ko Facebook ko WhatsApp, yana kuma iya kama shago ko rumfa. Kowace hanya tana cin wani abu daga ribarsa, sai dai yadda suke ci ya bambanta. Shago yana karɓar nasa tun kafin a sayar da komai. Dandali yana yankar nasa daga kowane ciniki. Shafin kai kuwa yana cin lokacin da ya kamata a yi aikin hannu da shi. Wanda ya gane wannan bambanci zai iya lissafa hanyar da ta dace da yawan kayan da yake sayarwa, maimakon ya bi abin da ya ga maƙwabcinsa ya yi.

Yankin da masu sayensa

Kudancin birnin ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi biyu. Kakuri da Makera da Barnawa da Television suna cikin Kaduna ta Kudu, yayin da Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora suke cikin Chikun. Masana'antu ne suka raya yankin. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited a 1957, sannan United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, tare da wasu irin su Arewa Textiles da Nortex. Da masaƙun suka durƙushe, ta farko a 2002, ta biyu kuma ta rufe a 2007, albashin wata-wata da ke riƙe da kasuwannin unguwa ya ragu ƙwarai, kuma iyalai da dama suka koma dogaro da ƙananan sana'o'i.

Akwai kuma batun kogin kansa. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, mazauna birnin suka ja da baya zuwa ɓangarori biyu, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kiristoci kuma a kudu. Babbar kasuwar birnin, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, tana arewa da kogin, kuma can ne masu sana'a da yawa ke sayo zare da zif da yadi. Wannan rabuwa tana da tasiri a ciniki. Shagon da ke Sabon Tasha ya fi ganin cinikin Kirsimeti da bukukuwan auren watan Disamba, amma cinikin Sallah yakan wuce shi sai in an nemo shi ta waya. A gefe guda, kudancin birnin ne ƙofar hanyar Abuja, kuma daga tashar mota ta Television ana aika saƙo zuwa garuruwa da dama.

Misalin da za a yi lissafi da shi

A ɗauki wata mai ɗinka jakar hannu ta fata da atamfa a Kakuri. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zaɓe su domin lissafin ya fito fili, kuma kowa zai iya maye su da nasa.

Tana sayar da jaka ɗaya naira 15,000. Fata da atamfa da shafi da zif da zare da gam suna cin 7,000. Leda da kwalin naɗi suna cin 500. Jakar tana ɗaukar awa 5, kuma ta yanka wa kanta ladan aiki na 3,000, wato 600 a kowace awa. Abin da ya rage shi ne 4,500 a kan kowace jaka. Daga wannan 4,500 ne za a biya kuɗin hanyar sayarwa, ko wace ce, kuma abin da ya saura bayan nan shi ne riba ta gaskiya. Idan tana aikin awa 200 a wata, iyakar abin da hannunta zai iya fitarwa jaka 40 ne.

Ladan aikin nan shi ne abin da masu sana'a suka fi mantawa. Wanda bai cire shi ba zai ɗauka yana samun 7,500 a kan jaka, ya kama shagon da ya fi ƙarfinsa, sai bayan shekara ya gane cewa guminsa ne yake biyan haya.

Shago: kuɗi a gaba, amana a hannu

Kuɗin shago ba ya motsi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A bisa al'ada ana biyan hayar shekara guda a dunƙule, kuma a shekarar farko akan ƙara la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, ban da kanta da fenti da allon suna. A ce hayar ta kama 360,000 a shekara, wato 30,000 a wata. A ƙara 15,000 na wuta da maigadi da shara da kuɗaɗen hukuma da na mota. Jimilla 45,000 ke nan a wata.

Idan aka raba 45,000 da 4,500, za a ga sai ta sayar da jaka 10 a wata kafin shagon ya biya kansa. Daga ta 11 ne riba ke farawa. In ta sayar da 30, za ta tashi da 90,000. In kuma damina ta kama ciniki ya faɗi zuwa jaka 6, to ta yi asarar 18,000 a wannan watan, kuma daga jari za a cike. Idan ta ɗauki mai tsaron shago a kan 30,000, ma'aunin zai tashi daga jaka 10 zuwa 17.

Abin da shago yake bayarwa shi ne amana. Mai saye zai taɓa fatar, ya ja ɗinkin, ya buɗe zif, ya yi tayi, ya biya ya tafi da kayansa. Mayar da kaya yana raguwa, domin ido ya riga ya gani. Ga masu takalmi da tufafi da ke buƙatar awo, wannan babban abu ne. Haka kuma shagon yana iya zama wurin aiki, ta yadda mai jakar za ta riƙa ɗinki a lokacin da babu masu saye, kuma aikin gyara yakan shigo da kansa.

Iyakarsa ita ce ƙafar da ke wucewa ta gabansa. Haɗarinsa kuma yana hannun wasu. A lokacin mulkin Nasir El-Rufai, daga 2015 zuwa 2023, gwamnatin jihar ta rushe kasuwanni da dama a birnin domin sake gina su, ciki har da Kasuwar Barci a 2020, kuma hukumar tsara birane ta KASUPDA ta sha cire rumfunan da aka kafa a gefen titi ba da izini ba. Saboda haka kafin a biya haya ana bukatar sanin ko wanda ya ba da shagon shi ne mai shi, ko ginin yana da izini, ko kuma yana kan layin faɗaɗa titi. Dokar hana fita ma tana rufe shago baki ɗaya, kamar yadda aka gani a Oktoban 2018 da kuma Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma babu mai gidan da ke rage haya saboda kwanakin da aka rasa.

Akwai matsakaiciyar hanya ga wanda bai kai ga shago ba: teburi a kasuwar mako irin Kasuwar Monday ta Kakuri, ko ajiye kaya a shagon wani a ba shi la'ada, ko kama rumfa na 'yan kwanaki a baje kolin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ke shiryawa a kan hanyar Zariya. Duk waɗannan suna ba da damar gwada kasuwa ba tare da an ɗaure jarin shekara ba.

Dandalin intanet: masu saye da yawa, amma ba na mai kaya ba

Dandalin kasuwanci iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Iri na farko shi ne irin Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012. A nan kamfanin ne ke karɓar kuɗi daga mai saye, ya kai kaya, ya cire kamashonsa, sannan ya tura wa mai kaya ragowar bayan wani lokaci. Iri na biyu shi ne irin Jiji, wanda ya fara a 2014 ya kuma karɓe harkokin OLX a Najeriya a 2019. Shi allon talla ne kawai. Ba ya shiga cinikin, mai saye ne ke kiran mai kaya su daidaita, kuma kamfanin yana samun kuɗinsa daga masu biya domin a ɗaga tallarsu sama.

A iri na farko, kamasho yana bambanta daga rukunin kaya zuwa wani, kuma yana sauyawa. A ce kashi 15 cikin 100 ne. A jakar 15,000, an cire 2,250. A ƙara 750 na kai kaya wurin tattarawa da sauran caji. Dandalin ya ci 3,000 ke nan, ya bar mata 1,500 daga cikin 4,500.

Idan tana son ta riƙe ribarta, dole ta ɗaga farashi, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Mutum yakan ƙara kashi 15 a kan 15,000 ya sa 17,250, ya manta cewa kamashon zai hau kan sabon farashin ne. Hanyar da ta dace ita ce a tara duk abin da ake son ya dawo hannu, wato 15,750, a raba da 0.85. Amsar ta kusa 18,500. A wannan farashi kuma jakarta za ta zauna kusa da jakunkunan roba na masana'anta da ake shigowa da su, waɗanda a hoto suke sheƙi kuma sun fi araha nesa ba kusa ba.

Wannan shi ne babban raunin dandali ga aikin hannu. An gina shi ne domin kaya iri ɗaya masu yawa. Fatar da aka jeme da hannu ba ta fita launi ɗaya, atamfar da aka yi amfani da ita wannan wata tana iya ƙarewa a kasuwa, kuma mai saye da ya ga bambanci da hoto yana da damar mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta ba shi ikon mayar da kayan da bai dace da bayanin da aka yi masa ba. Haka nan dandali yana son kaya a shirye, a tura cikin ƙayyadadden lokaci, kuma yawan soke oda yana rage darajar mai kaya a jerin. Wanda ke ɗinki sai an yi oda ba zai iya wannan gudu ba. Sannan kuɗin yana jinkiri, alhali ana bukatarsa domin sayen fatar aiki na gaba.

Abu mafi nauyi shi ne mai sayen ba nata ba ne. Wanda ya sayi jakar zai ce a Jumia ya saya, kuma idan ya dawo, dandalin zai nuna masa kayan wasu tare da nata.

Duk da haka dandali yana da ranarsa. Babu haya, kuma watan da ba a sayar ba, ba a biyan kamasho. Idan aka raba kuɗin shago na 45,000 da 3,000 da dandali ke ci, za a samu 15. Ma'ana, ƙasa da jaka 15 a wata dandali ya fi sauƙi, sama da haka kuma shago ya fi. A daidai jaka 15, hanyoyin biyu suna barin 22,500.

Shafin kai: arha a aljihu, tsada a lokaci

Buɗe shafi ba ya cin ko sisi, shi ya sa matasa suka fi farawa da shi. Yadda aka saba, Instagram ko Facebook ko TikTok su ne tagar nuna kaya, WhatsApp kuma nan ake ƙulla ciniki. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu, abin da ke rage yawan amsa tambaya ɗaya sau ɗari.

A ce data tana cin 8,000 a wata, tallar biya kuma 12,000. Jimilla 20,000, wadda jaka 5 za su biya. A wannan fuska babu hanyar da ta kai ta sauƙi. Amma a lissafa lokaci. Ɗaukar hoto, rubuta bayani, amsa masu tambayar farashi su ɓace, bin sawun mai babur, duk suna iya cin awa 2 a rana, wato awa 60 a wata. A kan 600 a awa, 36,000 ke nan. Ainihin kuɗin shafin ya koma 56,000, ya zarce na shago, kuma sai an sayar da jaka 13 kafin a cike shi. Ban da haka, awa 60 aikin jaka 12 ne, don haka iyakar abin da za ta iya ɗinkawa ya sauka daga 40 zuwa 28. Idan hannunta bai cika da aiki ba, wannan lokaci ba asara ba ne. Idan kuwa oda ta riga ta yi yawa, kowace awa a kan waya jaka ce da ba a ɗinka ba, kuma lokacin ɗaukar mai taya amsa saƙo ya yi.

Ribar shafi ita ce ya dace da ɗabi'ar aikin hannu. Ana iya nuna yadda ake yanka fata da ɗinkinta, mai saye ya zaɓi launi da girma, ya ba da kafin alƙalami na rabin kuɗi, a sayi kayan aiki da shi. Da haka jari kaɗan yake juyawa. Shafi kuma ba ya san kogi. Mai saye daga Malali ko Unguwar Rimi, wanda ba zai taɓa ratsowa Kakuri neman jaka ba, yana iya yin oda mai babur ya tsallaka da ita, na Abuja kuma a ba direba a tasha. Kuɗin aike yawanci mai saye ke biya, amma dole a faɗe shi tun farko, domin ciniki da yawa yana mutuwa ne a daidai wannan gaɓa.

Matsalar farko ita ce amana, kuma ta kowane ɓangare ce. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe shi, mai kaya yana tsoron alat na bogi. Saƙon tes ko hoton rasit ba hujja ba ne, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin ya shiga. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana ba da damar buɗe asusu da sunan sana'ar, kuma hakan yana kwantar da hankalin baƙon mai saye fiye da asusun mutum.

Matsala ta biyu ita ce shafin aro ne. Kamfani ne ke yanke yawan mabiyan da za su ga hoto, kuma yana iya rufe shafi. 'Yan damfara suna ƙwace WhatsApp ta hanyar yaudarar mutum ya karanta musu lambobi 6 da aka turo masa, sannan su riƙa karɓar kuɗi da sunansa. Kunna matakin tsaro na biyu yana toshe wannan ƙofa. Siyasa ma tana shigowa. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, kuma a 2025 kamfanin ya yi gargaɗin cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ba a rufe ba, amma lamarin ya nuna a hannun wa maɓallin yake.

Darasin ƙarshen 2021

Watanni uku na 2021 sun gwada hanyoyin a Kaduna kusan lokaci guda. A watan Satumba, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin jihar ta dakatar da wasu kasuwannin mako. A ƙarshen watan ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, ta kuma hana zirga-zirgar babura. A ranar 4 ga Oktoba, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duk duniya na kimanin awa 6. Sai a ƙarshen Nuwamba aka dawo da layukan waya. Mai dogaro da kasuwar mako ya rasa rumfa, mai dogaro da shafi a yankin da aka katse ya rasa hanyar magana, wanda ke da oda kuma ya rasa mai kai kaya. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, abin ya juya: mai shagon da ba ya karɓar taransifa ko POS shi ya fi shan wuya.

Yadda ake gane hanyar da ta dace

Littafin ciniki na wata 3 ya isa ya ba da amsa, muddin ana rubuta abu huɗu a kan kowane ciniki: abin da aka sayar, farashinsa, ta inda mai sayen ya zo, da ko ya taɓa saye a baya. Daga nan alamomi suna fitowa. Idan mafi yawan masu zuwa shago sun fara ganin kayan ne a waya, to ana biyan hayar bakin titi a banza, ɗakin aiki mai arha a cikin unguwa ya wadatar. Idan shafi yana tara masu tambaya amma ba sa biya, matsalar amana ce ko kuɗin aike, kuma adireshin da za a iya zuwa a gani yakan warware ta. Idan dandali yana kawo oda amma kuɗin sayen fata yana ƙarewa, to farashin bai ɗauki kamasho da mayar da kaya ba.

Nau'in kaya ma yana raba gardama. Ƙananan kaya marasa nauyi masu fita iri ɗaya, kamar walat da bel, sun fi jure dandali. Kayan oda da na biki sun fi dacewa da shafi. Kaya masu nauyi ko masu fashewa, kamar tukwane da kujerun kaba, da masu buƙatar awo, suna son shago.

Ga mai jakar Kakuri, jerin da lissafin ya nuna shi ne ta fara da shafi da kafin alƙalami, ta gwada dandali da nau'i ɗaya ko biyu a farashin da ya ɗauki kamasho, kuma kada ta sa hannu a hayar shekara sai cinikinta ya tsaya sama da jaka 15 har a watannin da kasuwa ta yi sanyi. A duk matakan, kadarar da babu mai gida ko kamfani ko hukumar da za ta iya rushewa ita ce jerin sunaye da lambobin waɗanda suka taɓa saye, an karɓa da yardarsu, an kuma rubuta a takarda ban da wanda ke cikin waya.